Bayanan Sun Isa Frankfurt, Amma Rumbun Ya Ƙi Buɗewa

Lokacin da aka ɗora mini tsara yadda manhajar biyan albashi ta kamfaninmu za ta koma wani yanki idan babban yankin ya faɗi, shugabanni sun ba ni lambobi biyu: RPO na minti 5, wato iyakar bayanan da za mu iya jure asararsu, da RTO na minti 60, wato tsawon lokacin da za a iya yi babu aiki. Babban rumbun bayananmu na PostgreSQL yana `eu-west-1` a Ireland, na ajiye na ko-ta-kwana a `eu-central-1` a Frankfurt, yana karɓar WAL, wato jerin sauye-sauyen da babban rumbu ke rubutawa, ba tare da babban ya jira shi ba. Na ƙi tsarin jiran tabbaci ne domin zuwa da dawowa tsakanin yankunan ya haura milisakan 20, kuma kowace ma'amala za ta biya wannan jinkirin.

Na kasafta RTO kamar yadda ake kasafta kuɗin cefane. Minti 10 na gano matsala, 10 na yanke shawara, 5 na mayar da rumbun ko-ta-kwana babba, 15 na tayar da manhajoji, 5 na sauya DNS, sai 10 na dubawa. Jimilla 55, da ragowar minti 5. Sau biyu muka yi atisaye a daren Lahadi, duka biyun muka gama kafin sa'a ta cika.

Kuskurena yana cikin waɗancan minti 5 na mayar da rumbun ko-ta-kwana babba. Domin rage kuɗin wata-wata, na bai wa rumbun Frankfurt injin da bai wuce rabin na Ireland ba, da faifai mai ƙarancin gudu, ina ganin ai zaune kawai yake yana jira. Hankalina kuma duk ya tafi kan RPO, saboda asarar bayanan albashi ita ce abin da ke hana ni barci, shi ya sa ƙararrawar da na kafa `flush_lag` kaɗai take kallo, wato jinkirin da ake samu kafin WAL ya sauka a faifan Frankfurt, wanda kullum bai kai daƙiƙa biyu ba.

Wata abokiyar aikina ce ta dage cewa a maimaita atisayen da irin nauyin aikin albashi na ƙarshen wata. A wannan aikin babban rumbu yana fitar da WAL kimanin megabait 60 a daƙiƙa, ƙaramin yana karɓa yana rubutawa a faifai ba matsala, amma abin da yake iya aiwatarwa bai wuce 35 ba. Giɓin megabait 25 a kowace daƙiƙa na tsawon minti 30 ya tara gigabait 45. Da muka yanke Ireland na buga `SELECT pg_promote();` domin mayar da rumbun Frankfurt babba, sai ya jira daƙiƙa 60 ɗinsa ya dawo da `f`, wato bai kammala ba. Na zauna ina kallon allo gumi na keto mini, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, abokiyar aikin nan kuma tana rubuta lokaci a takarda minti bayan minti. PostgreSQL ba ya buɗe ƙofar rubutu sai ya aiwatar da duk WAL ɗin da ya riga ya karɓa, kuma gigabait 45 a gudun megabait 35 kusan minti 22 ne. Mun gama a minti 72.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne ko layi ɗaya ba mu rasa ba. RPO ya cika cif, ƙararrawata ba ta yi ƙarya ba, ni ne na tambaye ta rabin tambaya. WAL ɗin da bai iso ba shi ne asarar bayanai. Wanda ya iso amma ba a aiwatar ba, bashi ne da za a biya daga RTO a ranar da babu sararin biya. Daren Lahadi kuwa ba ya tara irin wannan bashin, shi ya sa atisayena biyu suka yaudare ni.

Yanzu injin Frankfurt da faifansa daidai suke da na Ireland, kuma a kan rumbun ko-ta-kwana muke auna giɓin kowane minti:

```sql
SELECT pg_wal_lsn_diff(pg_last_wal_receive_lsn(),
                       pg_last_wal_replay_lsn());
```

Muna raba sakamakon da gudun aiwatarwa da muka auna, idan ya haura minti 3 ƙararrawa ta tashi ma'aikacin da ke kula da tsarin da dare. Aikin albashin ma mun yayyanka shi ƙanana tare da ɗan hutu a tsakani, domin tsari guda ne ke aiwatar da WAL, kuma ƙarin girman inji ba ya warware komai da komai. Bayanin ƙarin kuɗin bai yi mini daɗi ba a gaban shugabanni, tunda ni ne na yi alfahari da ragin tun farko, amma takardar da aka rubuta minti 72 a kanta na ajiye musu a tebur, suka sa hannu. Atisayen da ya biyo baya, da nauyin ƙarshen wata, ya ƙare a minti 54.