Takardar bita da aka dawo mini da ita

Lissafi nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati da ke cikin garin Gombe, kuma na daɗe ina fama da abu guda: yara saba'in da huɗu a aji, amma kai ka ce azuzuwa uku aka cusa a ɗaki ɗaya. Wannan ya sa na rubuta takardar neman a shirya wa malamanmu bita kan koyarwa gwargwadon matakin ɗalibi.

Ta farkon shafi shida ce. Na kawo sunan Carol Ann Tomlinson ta Jami'ar Virginia a Amurka, wadda ta shahara kan wannan hanya, na kuma yi bayanin abubuwa uku da malami zai iya sauyawa: abin da ake koya, yadda ake koyonsa, da yadda yaro zai nuna ya iya. Shugabar makarantarmu ta karanta, ta miƙo mini. "Malam, duk na yarda. Amma nuna mini wannan a minti arba'in, da alli da allo." Na ce, "To, ranki ya daɗe." Gaskiyarta ce, babu ɗalibi ko ɗaya a cikin takardar.

Sai na koma ajina na ɗaya a ƙaramar sakandare, na ba su tambayoyi biyar kan haɗa ɓangarorin lamba. Ban ba da maki ba, na dai kasa takardun bisa irin kuskuren da ke ciki. A tambayar 1/2 + 1/3, yara talatin da ɗaya sun rubuta 2/5, wato sun haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa. Goma sha tara ko 1/4 + 2/4 ta gagare su. Sauran ashirin da huɗu sun samu 5/6. Wannan na sa a shafin farko na sabuwar takardar, domin duk malamin da ya gani zai tuna da nasa ajin.

A shafi na biyu na zayyana darasi guda. Minti goma na farko kowa na tare, ana bayani a allo. Sannan minti ashirin na aiki kashi uku. 'Yan kashin farko, waɗanda 1/4 + 2/4 ta gagara, su naɗe takarda gida huɗu, su shafa wa gida ɗaya tawada, su ƙara biyu, su ga 3/4 da idonsu. Masu rubuta 2/5 su raba takarda gida shida, su gano rabi gida uku ne, sulusi gida biyu, har su fahimci dalilin neman lambar ƙasa ta bai ɗaya. Na ukun kuwa tambayar kasuwa na ba su: mace ta auni rabin mudu na gero da sulusin mudu, nawa ya rage mudu ya cika? Minti goman ƙarshe a gyara tare, kowa ya amsa tambaya ɗaya a 'yar takarda kafin ya fita. Manufar darasin ɗaya ce ga kowa, matakalar ce ta bambanta. Na ja layi a ƙarƙashin wannan, don kada a ɗauka rage wa masu rauni manhaja za a yi, alhali jarrabawa ɗaya ke jiransu.

Sauran takardar gajere ne: kwana biyu, malamai ashirin da huɗu, kuɗin kwali da maka da abincin rana. Sharaɗin shiga shi ne kowa ya zo da takardun gwajin ajinsa. Ranar farko a kasa su, ta biyu a koyar a gaban yara na gaske. Aka amince, aka yi.

Abin da ban hango ba ya bayyana bayan wata guda. Na shiga ajin wani abokin aikina na tarar yaran da ya sa a kashin farko suna nan inda ya ajiye su, benci na baya, har 'yan ajin sun laƙaba musu suna. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni na kawo abin. Kashin na darasi ɗaya ne, 'yar takardar fita ce ke sake shi, kuma yaron da ɓangarori suka ba wuya yana iya zama gwani a auna kusurwa. Idan mako uku suka wuce sunayen ba su motsa ba, to an koma ware yara. Wata malama kuma masu sauri take tara wa tambayoyi ashirin iri ɗaya, har suka koyi jan ƙafa don kada a ƙara musu. Tambaya mai zurfi suke buƙata, ko da guda biyu ce.

Duka biyun daga giɓin takardata suka fito, domin ban tanadi bibiya ba. Yanzu na ƙara shafi na uku: malamai su haɗu biyu-biyu, kowa ya zauna a darasin ɗan'uwansa sau biyu a zango, riƙe da jerin sunayen kashi-kashi na makon jiya yana gwadawa da na yau. Na kai wa Hajiya shugabar makarantar ranar Litinin, ta ce a fara da malaman lissafi da na Turanci a zango mai zuwa.