Layi biyu da Alhaji zai karanta a tsaye

Muna da ƙaramin kamfani a nan Tawa, muna yin manhajar lissafin kaya don masu sari da masu magaza: abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ya ci bashi da wanda ya biya. Samari biyu ne ke rubuta manhajar. Ni ke yawo wajen ƴan kasuwa, ni kuma ke rubuta ɗan bayanin da ke raka kowane sabon abu da muka ƙara. Bayanin nan bai wuce layi biyu ko uku ba, amma shi ke yanke hukunci ko aikin da samarin suka kwana suna yi zai amfani wani, ko ya zauna cikin waya ba wanda ya san yana nan.

Mai karanta shi ba a zaune yake ba. Jeran ne na magaza, kamyo na sauke buhunan shinkafa a ƙofa, direba na jiran a sa hannu, wayarsa ta biyu na ƙara. Ran Lahadi kuwa, ranar kasuwar Tawa, ko gaisuwar ƙanensa ba ya buɗewa. Idan saƙonmu ya shigo, layin farko kaɗai yake gani a fuskar waya. In layin bai taɓa kuɗinsa ko kayansa ko lokacinsa ba, ya wuce ke nan, ba ya komowa.

Ga wanda muka yi kwanan baya. Tun farko manhajar tana da gargaɗin ƙarewar kaya, amma kai ke sa mata adadi da hannunka: in bido ya sauko zuwa 20, ta yi maka ja. Matsalar ita ce bido 20 na man girki a shagon unguwa kayan wata guda ne, a wajen mai sari kuwa bai kai na kwana biyu ba. Sai samarin suka gyara ta yadda ita da kanta za ta dubi cinikin kwana 30 da suka wuce, ta fid da abin da ake sayarwa a rana, ta ninka shi da kwanakin da kaya ke yi kafin ya iso. Mu ɗauki mai sarin da ya sayar da bido 360 cikin kwana 30, wato 12 a rana. Daga ranar da ya kira Yamai zuwa ranar da aka sauke masa kaya kwana 5 ne, don tsakanin garuruwan ya haura kilomita 500, kuma mota ba ta tashi sai ta cika. A ƙara kwana 2 na ko-ta-kwana, ya zama 7. Bakwai sau goma sha biyu 84. Da zarar man da ke magaza ya sauko zuwa bido 84, waya ta sanar da shi.

Abin da babban cikin samarin ya rubuto mini don a tura shi ne:

«Version 3.2 : ajout du seuil de réapprovisionnement dynamique.»

Gaskiya ce tsantsa, ba ƙarya ko ɗaya ciki. Sai dai labarin abin da shi ya yi ne, ba na abin da Alhaji zai samu ba. Lambar 3.2 ba ta sayar da bido ko ɗaya. Na ce masa, «Ƙanena, kai ka san me ka gina. To in jeran ya karanta wannan, me zai yi dabam gobe da safe?» Ya ce ai zai daina ƙarewa da kaya ba shiri. Na ce sai me? Ya ce abokin cinikinsa ba zai koma magazar maƙwabci ba. Nan muka tsaya. Haka nake yi da kowane sabon abu: in yi ta tambayar «sai me?» har amsa ta zama abin da ɗan kasuwa zai faɗa da bakinsa in yana ba wani labarin asarar da ya yi. Ban taɓa jin mai sari ya ce yana son manhaja mai basira ba. Abin da nake ji shi ne, «Sukari ya yanke mini ana saura kwana uku azumi.»

Amma akwai rami a wannan hanyar, kuma a ciki nake ganin masu talla da yawa suna faɗawa. In ka bi amfani har ƙarshensa, sai ka rubuta, «Daga yau kayanku ba zai ƙara yankewa ba.» Da daɗin ji, amma alkawari ne da manhaja ba ta da ikon cikawa. Ita ba ta tuƙa kamyo. Ba ta san an rufe iyaka ba, ba ta san mota ta lalace bayan Dogon Dutsi ba. Kuma lissafinta duk a kan abin da aka rubuta ciki yake: in yaron shago ya sayar da bido goma bai shigar ba, ita tana ganin suna nan. Sannan kwana 30 na baya ba su san azumi na tafe ba; sukarin da ake sayarwa buhu biyar a rana zai iya ninkawa, ita kuwa tana nan kan biyar ɗinta sai kwanaki sun ja. Ranar da kaya ya yanke wa mutumin da ka yi wa wancan alkawarin, ba ya kiranka ya tambayi dalili. Littafinsa na da yake ɗaukowa, ya gaya wa na kusa da shi a masallaci cewa abin nan ba ya aiki. Shi ya sa nake tsayawa kan abin da manhajar ke yi da kanta: tana sanar da kai, kuma tun da sauran lokaci. Sauran na Alhaji ne da direbansa.

Ga abin da ya fita a ƙarshe:

«Manhaja za ta sanar da ku kafin mai ko sukari ya yanke a magaza, tun da sauran lokacin sayo wani. Ku shiga Stock > Alerte, ku rubuta kwanakin da mota ke yi.»

Na sa mai da sukari da sunansu maimakon in ce «kaya», don mutum ya ga kusurwar magazarsa yana karantawa. Ga masu sayar da siminti da rodi kuwa mun canza sunayen, saƙon ɗaya ne. Na ce «ku» ban ce «ka» ba, don cikin masu amfani da manhajar akwai hajiyoyi masu manyan shaguna, akwai kuma dattawan da ba za ni ce musu «ka» a rubuce ba. Jimla ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa da ita. Sabon gargaɗin ba ya aiki sai an gaya masa kwanakin hanya, sau ɗaya, ga kowane mai kawo maka kaya. In ka yi bayanin amfani ka bar mutum bai san inda zai taɓa ba, ka ba shi sha'awa ka bar shi a tsaye. Sunayen maɓallan kuma na bar su yadda suke a fuskar waya, da faransanci, don abin da idonsa zai nema ke nan.

In kun lura, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a saƙon, kuma da gangan ne. Saƙon SMS guda yana ɗaukar harafi 160 in duk haruffan na gama-gari ne. Da ka sa harafi mai lanƙwasa ko da guda ɗaya, sai tsarin ya canza, saƙo ya koma harafi 70, in kuma ya rabu kashi-kashi kowane kashi 67 ne. Namu harafi 156 ne da sarari da komai. Da na rubuta «ƙare» a maimakon «yanke», da saƙo ɗaya ya zama uku, kuɗin turawa ya ninka sau uku. Ba na son rubuta Hausa a gurguje babu lanƙwasa, to sai in nemi kalmomin da dama ba su da ita. Na faransanci ma haka: é da à suna wucewa lafiya, amma ê da ô suna jawo wannan matsalar.

Sauran wuraren da bayanin ke fita ba su da wannan matsin. A Google Play, gurbin da ake rubuta abin da ya sabunta yana karɓar harafi 500 ga kowane harshe; can nake ƙara sharaɗin cewa sai ana shigar da kowane ciniki, da shawarar a ƙara kwanakin ko-ta-kwana in azumi ko salla ta gabato. A WhatsApp kuwa hoto ke gaba: fuskar waya da layi ja yana cewa saura kwana 7, sai jimlar farko a ƙarƙashi. Ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba, murya nake turawa, ƙasa da rabin minti, da gajeriyar gaisuwa. Wannan na ƙarshe na yi gardama da kaina a kai, don a wajenmu shiga magana ba gaisuwa rashin kunya ne. Na daidaita kan sallama da «ina kasuwa», sai batu.

Kafin mu tura wa kowa, nakan je wajen wani dattijo mai sarin kayan masarufi da ya daɗe tare da mu. Ina miƙa masa wayar yana cikin hidimarsa, ba na jira ya natsu, in bar shi ya duba sau ɗaya in karɓe. Sai in ce, «Baba Alhaji, me aka ce?» In ya maimaita mini kalmomin da na rubuta, ban gamsu ba. A wannan karon cewa ya yi, «Wato za ta tashe ni in kira Yamai kafin mai ya ƙare.» Ya ƙara da tambaya: «To ni da nake ɗauko wani kayan daga Ƙonni, wani daga Yamai, kwana nawa zan rubuta?» Wannan tambayar ce ta sa muka ƙara layi a hoton WhatsApp cewa kowane mai kawo kaya da nasa kwanakin.

Bayan turawa, ba na duba yawan waɗanda suka buɗe saƙo, don buɗewa ba aiki ba ce. Abin da nake tambayar samarin bayan mako guda shi ne mutum nawa suka cika gurbin kwanakin mota. Sai kuma irin kiran da ke shigowa. In ana kira ana cewa «me kuka turo?», jimlar farko ce ba ta yi ba. In ana cewa «ina zan taɓa?», ta biyu ce. In kuwa bayan wata guda wani ya kira da faɗa cewa mun ce kaza bai gani ba, to alkawarin ya wuce abin da ke ciki, sai a koma a rage.

Ba kowane gyara nake yi wa saƙo ba. In samarin sun toshe wata ƴar matsala ko sun sa fakitir ta fita da sauri kaɗan, a Google Play kaɗai muke rubutawa. SMS na ajiye shi ga abin da ke buƙatar jeran ya taɓa wani wuri da hannunsa, kuma hakan ba ya zuwa kowane wata. Yanzu samarin suna kan tunatarwar bashi, wadda za ta nuna wa mai magaza waɗanda lokacin biyansu ya wuce. Ita bayaninta ya fi na mai wuya, don yawancin masu cin bashin nan dangi ne da abokan zama, kuma da yawa cikin jeran-jeran ɗin a gaban mutane suke buɗe waya. Na riga na ce kada sunan kowa ya fito a layin da ke bayyana a fuskar waya, sai dai adadin mutane da jimillar kuɗin.