Littafin atisaye, mako na shida: lissafin barci daga Asuba a koma baya

'Yan uwa masu ɗaga ƙarfe, mako shida ke nan da muka ƙara layi ɗaya a littafin atisaye na wani ɗan koyo a nan Jos. Ban da nauyin ƙarfe da sau nawa aka ɗaga, yanzu ana rubuta lokacin da ya kwanta, lokacin da yake ganin barci ya ɗauke shi, da lokacin da ya tashi. Abin da ya sa aka ƙara layin shi ne ƙarfensa ya tsaya cak wata biyu. Nauyin jikinsa kilo 70, yana atisaye Litinin, Laraba da Juma'a da ƙarfe biyar na yamma, abincinsa ba laifi, amma tsugunno da ƙarfe mai kilo 60 a kafaɗa ya ƙi gaba. Tsarin zagaye uku ne, kowane sau takwas. Shi kuwa takwas yake yi a na farko, bakwai a na biyu, na uku ya tsaya a biyar.

Kafin mu shiga littafin, a fahimci abin da ke faruwa a jiki. Ɗaga ƙarfe ba ya gina tsoka a lokacin da ake ɗagawa. Yana gajiyar da ita ne, ya bar ƙananan raunuka a zarurrukanta, sannan jiki ya shiga gyara da furotin ɗin da aka ci. Wannan gyaran yana ɗaukar awa 24 zuwa 48 bayan atisaye, wato dare ɗaya ko biyu na cikinsa. Barci kuma zagaye-zagaye yake zuwa, kowane kamar minti 90. Barci mai nauyi, wanda ake shan wahalar tada mutum daga cikinsa, ya fi yawa a farkon dare, kuma a nan ne jiki ke sakin kaso mafi girma na sinadarin girma na yini guda, musamman a maza. Barcin mafarki ya fi yawa gab da Asuba.

An gwada abin da raguwar barci ke yi wa wannan gyara. A wani bincike da aka buga a 2021 daga Ostireliya, an hana matasa 13 barci dare guda cur, sai aka ga saurin gina furotin a tsokarsu ya ragu da kashi 18 cikin 100, sinadarin kotisol mai tashi lokacin matsi ya ƙaru, testosteron, sinadarin maza mai taimaka wa ginin tsoka, ya sauka. Wani zai ce ai shi ba ya kwana ido biyu. To, na Jami'ar Chicago na 2011 ya fi kama da rayuwarmu: samari lafiyayyu goma aka taƙaita wa barci zuwa awa biyar na mako guda, testosteron ɗinsu na rana ya ragu da kashi 10 zuwa 15. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma saukar sinadari na mako guda ba ta nufin tsoka ta narke. Amma awa biyar ɗin nan ita ce daidai abin da muka tarar a littafin ɗan koyonmu.

Mako na ɗaya da na biyu ba a canza komai ba, rubutu kawai. Da aka tambaye shi tun farko, cewa ya yi yana samun awa shida da rabi. Littafi ya nuna yana hawa gado wajen 11:00, ya riƙe waya har 11:40, barci ya ɗauke shi wajen 12:00, ya tashi 5:00 don sallar Asuba, daga nan ya wuce kasuwa. Awa biyar ke nan. Kusan kowa yana wannan kuskuren, a ƙirga zaman kan gado a matsayin barci. Don haka a rubuta lokuta uku, ba biyu ba.

Awa nawa ake bukata? Ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka sun yi matsaya a 2015 cewa baligi ya samu awa bakwai ko fiye a kowane dare, kuma yawancin manya bukatarsu tsakanin bakwai ne da tara. Matashin da bai kai shekara 18 ba, takwas zuwa goma. Ga mai atisaye sau uku ko huɗu a mako, mu a ganinmu bakwai ita ce ƙasa, ba a sauka daga nan, a nufi bakwai da rabi zuwa takwas. Wanda ke atisaye mai tsanani kusan kullum, ko yake haɗa ƙarfe da ƙwallo, ya matsa kusa da tara. An taɓa sa 'yan ƙwallon kwando 11 na Jami'ar Stanford su riƙa yin awa goma a gado na mako biyar zuwa bakwai, gudunsu ya ƙara sauri, jefa ƙwallonsu a raga ya inganta da kusan kashi 9. Waɗannan 'yan wasa ne masu horo kullum, ba a ce mai shago ya kwaikwaye su ba.

Matsalarmu ta daban ce da ta waɗanda aka rubuta wa yawancin shawarwarin barci. Lokacin tashinmu a ɗaure yake da Asuba, ba ya matsawa. Abin da ke hannun mutum shi ne lokacin kwanciya, shi ya sa ake fara lissafi daga Asuba a koma baya. Mai tashi 5:00 da ke son awa bakwai, dole barci ya ɗauke shi 10:00. A ƙara minti 15 zuwa 20 na jiran barci, sai kwanciya ta zama 9:40. Ga ɗan koyonmu, 9:40 ba ta yiwuwa, sai bayan Isha'i yake cin abinci ya ga iyali. Sai aka tsara masa haka: kwanciya 10:00, barci wajen 10:15, tashi 5:00, ya zama awa shida da minti 45, a cike da ƙailula ta minti 25 bayan Azahar. Jimilla awa bakwai da minti goma.

Mako na uku ba a ce ya yi tsalle daga 12:00 zuwa 10:00 ba. Agogon jiki ba ya yarda da haka, mutum zai kwanta ne yana juye-juye har lokacin da ya saba. An matso da kwanciyar da rabin awa, bayan kwana uku ko huɗu a sake matsowa da rabin awa, waya kuma ta kwana nesa da gado. A makon nan aka gano abin da ya fi wayar ɓarna. Yakan tsaya wurin mai shayi bayan atisaye, wajen 7:00, ya sha kofi mai kauri, ga goro a aljihu. Kafeyin da ke cikin kofi, shayi, goro da lemukan ƙara kuzari yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha ƙarfe bakwai, da rabinsa zai shiga sha biyun dare. Wani gwaji na 2013 ya nuna miligiram 400 na kafeyin, ko da awa shida kafin kwanciya aka sha, ya rage barci da fiye da awa ɗaya, kuma masu shan ba su lura sosai da asarar ba. Aka mayar da kofi da goro zuwa safe, iyakarsu Azahar. Garin ƙara kuzari da ake kaɗawa a sha kafin atisaye shi ma yawancinsa kafeyin ne, mai atisayen yamma ya duba jikin robar.

Mako na huɗu aka samu tangarɗa. Ƙailula ta zarce. Ranar Talata ya kwanta bayan La'asar ya yi awa ɗaya da rabi, daren nan bai runtsa ba sai 12:30, washegari zagaye na uku ya koma biyar. Dalili shi ne nauyin barci taruwa yake yi tun daga tashin safe, doguwar ƙailula ta yamma kuwa ta kwashe shi kafin dare. Ƙailula ta zama minti 20 zuwa 30, a saita ƙararrawa, kuma a gama ta kafin ƙarfe uku. Idan ta wuce haka mutum yana faɗawa barci mai nauyi, ya tashi kai ya yi jingim.

Mako na biyar wasannin Zakarun Turai suka faɗo. Lokacin hunturu ƙarfe tara na dare ake take su a agogonmu, kafin a baro gidan kallo sha ɗaya ta gota. Ba mu ce a daina kallo ba. Dare ɗaya mara kyau ba ya rushe aikin wata guda, jerin darare ne ke rushewa. Abin yi washegari shi ne a je atisayen amma a sassauta: a rage nauyi da kamar kashi 10, ko a cire zagaye ɗaya, kuma ba ranar gwada sabon nauyi ba ce. Manyan ɗagawa masu haɗa gaɓoɓi da yawa, irin su tsugunno, benci da ɗaga ƙarfe daga ƙasa, su suka fi jin ƙarancin barci, ɗagawar damtse kuwa ba ta cika nunawa ba. Saboda haka kada damtse ya ruɗe ku ku ce lafiya lau. Ranar Larabar ya yi kilo 55, zagaye uku, ya tafi gida.

Masu rage ƙiba su tsaya a nan kaɗan, don su abin ya fi shafa. A wani gwaji na Chicago na 2010, mutum goma masu ƙiba sun rage abinci na kwana 14 sau biyu, sau ɗaya da awa takwas da rabi a gado, sau ɗaya da biyar da rabi. Duk sau biyun sun sauke kusan kilo uku. Amma da isasshen barci kilo 1.4 na abin da ya tafi kitse ne, da ƙarancin barci kuwa kitsen bai wuce kilo 0.6 ba, sauran daga naman jiki da ruwa ya fita. Sikeli ba zai nuna maka wannan bambancin ba, sai dai igiyar awon ƙugu da nauyin da kake iya ɗagawa.

Mako na shida, matsakaicin barcinsa ya kai awa bakwai da 'yan mintuna. Litinin ya yi takwas, takwas, bakwai. Juma'a ya cika takwas sau uku. Littafin mutum ɗaya ne wannan, ba bincike ba, kuma barin kofin dare da sassauta atisayen mako na biyar duk suna da hannu a ciki. Abin da ya kamata ku ɗauka shi ne alamomin da aka riƙa dubawa. Zagaye na ƙarshe shi ke fara faɗuwa, na farko yakan yi daidai ko da barci bai isa ba. Nauyin da aka saba ya riƙa jin kamar an ƙara masa. Ciwon tsoka ya wuce kwana uku. Bugun zuciya da aka ƙirga na minti ɗaya kafin a sauko daga gado ya haura wanda aka saba da biyar ko fiye, kwanaki a jere. Idan biyu daga ciki suka haɗu, a duba layin barci kafin a canza tsarin atisaye ko a kashe kuɗi a garin furotin.

Barci ba ya maye gurbin abinci. Mai kilo 70 da ke son gina tsoka yana bukatar furotin kamar giram 110 a rana, daga wake, ƙwai, awara, nono, kifi ko nama. Haka kuma wanda ke cika awa takwas amma yana tashi a gajiye, yana minshari mai ƙarfi, iyalinsa na cewa numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, wannan ba gyaran jadawali ba ne, asibiti zai je. Maganin barci na kemis kuma kada a sha shi ba da likita ba.

Mako na bakwai za a ƙara kilo biyu da rabi, ƙarfen ya zama 62.5, zagaye uku sau shida. Lokacin kwanciya yana nan a 10:00, kuma tunda sanyin Jos ya fara shigowa, an ƙara minti goma na ɗumama jiki kafin a taɓa ƙarfe.