Wa ya faɗi a bakin kwata?

Babi na tara na labarina shi ne wanda na fi alfahari da shi. Ɓarawo ya fizgi wayar wani tela a Tsohuwar Kasuwa, telan ya bi shi cikin lungunan tsohon garin Sakkwato. Wata ranar Juma'a bayan La'asar na karanta wa kawuna babin a zaurensa da ke Mabera. Kawu bai damu da littattafan hikaya ba, amma yana da kunnen jin labari. Ga abin da na karanto masa:

"Ya bi shi da gudu, ya sha kwana, ya tsallake kwata, ya zame ya faɗi, ya tashi ya cafko rigarsa, ya kai masa naushi."

Ya ɗaga hannu. "Dakanta, ɗana. Wa yah hwaɗi?"

Na ce, "Telan mana, Kawu."

"To wa yat tsallake kwatar?"

Ɓarawon ne ya tsallake. Ni na sani, domin a kaina hoton yake, amma babu inda na rubuta shi a takarda. Na ƙirga "ya" guda takwas a jimla ɗaya, kuma maza biyu ne ke rabonsu. Da mace ce ta bi namiji, da "ta" da "ya" sun raba gardama da kansu. Idan maza biyu ne, mai karatu yana ɗora duk jerin a kan wanda ya fara aiki, sai ya ga tela ya tsallake kwata lafiya kuma ya faɗi a cikinta.

Tun daga ranar, duk inda aiki ya bar hannun wani ya koma hannun wani, sai in sa aya, in kira sunan mai sabon aikin. Amma wannan ma yana da iyaka. Gyarana na farko ya cika da "tela" da "ɓarawo" har ya koma kamar rahoton 'yan sanda. Abin da ya cece ni shi ne gaɓoɓin jiki. Ƙafa, gwiwa, kafaɗa, duk "ta" suke ɗauka. Idan na bar ƙafa ta yi aikin, jerin "ya" ya tsinke, kuma mai karatu yana jin faɗuwar a jikinsa.

Kafin in sake rubutawa na tafi wurin da ƙafata, cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Na zaɓi lungu ɗaya, na zana shi a bayan kati: kwana biyu, kwata a tsakiya, kurar mai ruwa a jingine da bango. Sannan na gwada gudun, yara suna kallona suna dariya. Ban yi minti ɗaya ba maƙogwarona ya bushe, ko "tsaya" ba zan iya furtawa da ƙarfi ba. A tsohon rubutun kuwa, tela yana gudu yana jero wa ɓarawo wa'azi layi huɗu a kan haƙƙin mutane. Na share shi duka, na bar masa kalma ɗaya: "Ɓarawo!"

Ga yadda wurin ya koma:

"Ɓarawon ya sha kwanar dama, ya tsallake kwatar. Tela yana bayansa da taku goma. Da ya iso bakinta, silifas ya taka laka, ƙafar hagu ta tafi, gwiwa ta riga hannu isa ƙasa, tim! Kafin ya miƙe, taku goma ya zama ashirin. A gaba, mai ruwa ya turo kurarsa ta cike lungun. Ɓarawon ya ja birki, ya nemi ratsawa ta jikin bango, jarka ta tokare shi. Nan tela ya iso, ya damƙi wuyan rigarsa ta baya."

Tazarar nan ta taku goma ita ce na fi jin daɗinta. Ba na tsammanin akwai mai auna taku yana gudu, amma mai karatu yana buƙatar sanin ana kusa ko ana nisa, in ba haka ba gudun bai da fargaba. Kurar kuma na nuna ta tun shafi biyu baya, lokacin da tela ke wucewa da safe, don kada ta faɗo daga sama. "Tim" ɗaya na bari. Da can akwai "wuf", "caraf" da "fuu" a sakin layi guda, suna ta ƙara kamar garwa ba ruwa.

Juma'a ta zagayo na koma zauren. Kawu ya saurara idonsa a rufe, bai ɗaga hannu ba har na kai inda aka damƙi riga. Sai ya buɗe ido.

"To ina wayar? Tana hannun ɓarawo, ko ta hwaɗi cikin kwata?"

Na duba takardar sama da ƙasa. Tun bakin kasuwa ban sake ambatar wayar ba.