Jiya da daddare na sha gumi

Wallahi jiya bayan isha'i ina gida nan Tarauni, na buɗe Crashlytics sai na ga manhajarmu na ta mutuwa a hannun mutane, duk a wayoyi masu Android 10, kuma daidai sabon shafin biyan kuɗi. Allah ya so mu kashi 5 cikin ɗari kawai muka sakar wa sabon version ɗin. Nan take na shiga Play Console na danna Halt rollout, amma fa wannan sabbin masu saukewa kawai yake tarewa, wanda ya riga ya sabunta yana nan da matsalarsa. Abin da ya cece su makunnin da muka sa a Remote Config, na mayar da `new_checkout` zuwa `false`, duk wayar da ta ɗauko sabon saitin ta koma tsohon shafin. Yau gyara za mu tura da sabon versionCode, don Play ba ya karɓar na baya.