Kiran da bai wuce daƙiƙa 41 ba

Magana ta ƙarshe tsakanina da Baba ba ta kai minti ɗaya ba. Har yau tana nan a jerin kiran wayata: daƙiƙa 41. Ya kira ni da yamma ina tsakiyar aiki, ga shi kwana uku kafin nan mun ɗan saɓa a kan wata shawara da ya ba ni na ƙi ɗauka. Na amsa a daƙile, na ce, "Baba, zan kira ka anjima." Ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Ban kira ba. Da asuba zuciyarsa ta buga, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Watannin farko kewa da laifi sun cakuɗe mini, ban iya raba su ba. Sai daga baya na lura kowanne da irin zuwansa. Kewa tana zuwa ne idan na ga tabaransa a kan tebur, ko na ji ƙamshin turarensa a jikin wani. Sai in yi kuka, in ji sanyi a raina. Shi kuwa laifi da tsakar dare yake zuwa, kuma kullum da kalma ɗaya yake farawa: da. Da na kira. Da na ce ya yafe mini. Da na tambaye shi yaya jikinsa. Wannan ba ya ƙarewa da kuka, sai dai ya yi ta zagaye da ni har gari ya waye.

A wata na huɗu Yayata ta gan ni na rame, ta ce, "Ƙanena, wannan abin ya fi ƙarfinka kai kaɗai." Ita ta raka ni wurin wata ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa. Aikin da matar ta ba ni ya yi mini kama da na 'yan makaranta, amma shi ya fara kwance ƙullin. Ta ce in raba takarda gida biyu: a dama in rubuta abin da na sani a lokacin da nake riƙe da wayar, a hagu abin da na sani yanzu.

A dama na rubuta cewa Baba lafiyarsa ƙalau a iya sanina, muryarsa garau, mun sha saɓawa mu shirya cikin mako, kuma "anjima" a tsakaninmu takan kai gobe ba tare da kowa ya damu ba. A hagu layi ɗaya ne kawai: wannan ne kira na ƙarshe. Da na dubi takardar sai na gane cewa na shafe wata huɗu ina hukunta mutumin da ke dama da ilimin da ke hagu, ilimin da bai zo masa ba sai bayan awa goma. Ta bayyana mini cewa haka ƙwaƙwalwa take: da zarar ta san ƙarshen labari, sai ta riƙa ganin kamar tun farko alamun a fili suke. Mutuwar fuju'a ta fi jawo wannan, domin ba a yi jinyar da za a yi sallama a cikinta ba.

Takardar ba ta wanke ni tas ba, kuma ban so ta wanke ni ba. Na amsa wa mahaifina a daƙile, wannan ya faru, kuma ya dace in yi nadamarsa. Abin da na sauke shi ne ɗaukar daƙiƙa 41 a matsayin taƙaitawar shekara talatin da huɗu da muka yi tare.

Daga nan ta sa ni rubuta masa wasiƙa, in karanta a bayyane ni kaɗai a ɗaki. Karon farko na yi kuskure: shafi biyu duk neman gafara, na tashi na fi da nauyi. Ta ce in sake, amma in haɗa da godiya a kan abubuwa takamaimai, har ma da abin da ya ɓata mini rai game da shi. Na rubuta yadda ya riƙe mini sirdin keke yana gudu a bayana har na iya, na rubuta cewa shawarar tasa har yanzu ban yarda da ita ba. A wannan layin ne na ji kamar da shi nake magana, shi ɗin da na sani.

Na tambaye ta yaushe baƙin ciki ke zama ciwo. Ta ce a tsarin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, ana duba ko tsananin ya wuce aƙalla wata shida yana hana mutum aiki da mu'amala. Tunanin bin mamaci kuwa, wato mutum ya ji yana son ya kashe kansa, ba a jira masa wata shida, a ranar ake neman likita.

Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. "Da" tana zuwa jefi-jefi, musamman idan barci ya yi mini ƙaranci, sai in ɗauko takardar nan daga aljihun tebur in karanta ɓangaren dama. Kwanan baya Yaya ta gaya mini cewa a daren, bayan ya ajiye wayar, Baba ya ce mata in na kira ta tuna masa ya tambaye ni ko tarin da nake yi ya tafi.