Wa ake jira a kan wannan tikitin?

Ranar da na karɓi teburin taimako, inda ma'aikata ke kawo matsalolin kwamfuta, daga hannun abokin aikina da aka canza wa sashe, tikiti 140 na tarar a jibge, wato ƙorafe-ƙorafen da aka shigar a manhaja suna jiran gyara. Na jera su bisa matakin muhimmanci, na fara da masu alamar `Urgent`. Safiyar nan gaba ɗaya a banza ta tafi. Na farko ma firinta ce da ke fitar da takarda da zane-zane, alhali akwai wata lafiyayya a ofishin da ke kusa. Ashe mai ƙorafi ne ke zaɓar matakin da kansa, kuma kowa nasa ciwon ya sani.

Da rana ta yi sai na canza dabara. Na daina gyara komai, na koma karatu zalla. In na buɗe tikiti, ba na kallon take ko alama, ƙasa nake sauka in karanta saƙon ƙarshe da kwanan watansa, sannan in tambayi kaina: yanzu wa ake jira? Ko dai mu, ko wani sashe ko kamfanin waje, ko kuma kwastoma, wato mai ƙorafin. Minti biyu na ware wa kowane tikiti, aikin ya ci kusan awa biyar. Abin da ya fi wuya shi ne danne hannu, domin ina ganin matsalar kalmar sirri sai in ji kamar in gyara nan take.

Gaggawa kuwa da abu uku na auna ta: mutum nawa abin ya shafa, akwai wata hanyar da za su lallaɓa su ci gaba da aiki, kuma akwai wa'adin da ke tafe. Da wannan ma'aunin wani tikiti mai alamar `Low` ya hau sama da kowa. Saƙo ne da na'ura ke turowa da kanta, cewa kwafin bayanai na dare bai kammala ba, kuma dare tara ke nan a jere. Ma'ajiyar ce ta cika. Ba wanda ya yi waya ko ya ɗaga murya, don ba mai jin zafin rashin kwafi sai ranar da wani abu ya ɓace.

Wanda ya fi koya mini hankali yana cikin rukunin `Pending`, wato waɗanda ake cewa ana jiran kwastoma. Wata sabuwar ma'aikaciya a sashen kuɗi ta nemi izinin shiga wata jakar fayil ta haɗaka. An ce ta turo hoton allo, aka sa tikitin a jira, kwana goma sha biyu shiru. A manhajarmu, in kwastoma ya amsa a kan saƙon, tikitin kan koma `Open` da kansa. Ita kuwa sabon imel ta rubuta, sai ya buɗe wani tikitin daban da ba a ba kowa ba. Ban gano ba sai da na nemi sunanta. Hoton yana can tun washegari, muna zaune muna cewa ita muke jira, saura kwana biyu kuma manhajar ta rufe tikitin don rashin amsa.

Na haɗe tikitin biyu, ina zaton aiki ya dawo hannuna. Ina! Ba a buɗe jakar sai da amincewar mai ita, shi kuwa yana hutu. Ga lissafin albashi na ƙarshen wata saura kwana huɗu. A nan na gane kuskuren jadawalin da na zana don raba tikitin gida uku, wato na gaggawa, na maƙale da na jiran kwastoma: tikiti ɗaya yana iya zama a maƙale kuma na gaggawa lokaci guda. Wa ake jira tambaya ce daban, saurin da abin ke bukata ma daban. Na mayar da shi `On-hold`, wato ana jiran wani ba kwastoma ba, na ɗaga matakinsa, na kira mataimakin mai jakar maimakon in sake tura imel.

Tun daga nan ba na barin tikiti a maƙale sai na rubuta sunan wanda ake jira, abin da ake jira daga gare shi, da ranar da zan sake tuntuɓarsa. "Ana jiran sashen sadarwa" ba bayani ba ne. Na ga bakwai masu irin wannan rubutu, uku daga ciki ba a taɓa tura wa sashen komai ba. Haka ma ba na sa `Pending` sai in saƙona na ƙarshe yana ɗauke da tambaya takamaimiya da kwastoma zai iya amsawa. In "muna dubawa" kawai muka rubuta, to mu ake jira.

Mataimakin ya amince da yamma. Washegari ma'aikaciyar ta shiga jakar, na rufe tikitin, saura 139.